Kalma, shafi ko jimla: da wanne zan yi wa kwastoma kuɗin fassara?

"Yaya barka da warhaka. An turo min littafin horar da ma'aikatan lafiya a PDF, shafi 38, in fassara daga Turanci zuwa Hausa, sun ce in faɗi kuɗin kowane shafi. Ni dai da kalma na saba ji ana yi, wani abokina kuma ya ce in yanka musu kuɗi a jimlace kawai. Wanne ya fi? Kuma rubutun maƙala da nake ɗan taɓawa shi ma haka ake yi?"

Barka kadai ƙanena. Kafin komai, kar ka faɗi ko sisi tukuna, bari sai ka ƙirga kalmomin da ke cikin fayil ɗin nan. Kalma da shafi da jimla duk mudu ne kawai, abin da ake aunawa a ciki shi ne awanninka, to in ka san awa nawa aikin zai ci maka, duk mudun da kwastoma ya kawo za ka iya auna masa da shi ba tare da ka cutu ba. In kuwa ba ka sani ba to wallahi ko da wanne ka yi caca ce.

Bari in fara da shafi tunda shi suka nema. Shafi ba ma'auni ba ne sai an ce ga abin da ke cikinsa. Ni wannan da jikina na koye shi, farkon shigata harkar wata ƙungiya ta ba ni takarda shafi 12, na duba shafin farko a waya na ga kanu da hoto da 'yan layuka, na ce ai wannan aikin kwana biyu ne, na faɗi kuɗin shafi suka amince ko ciniki ba su yi ba, har ina murna. Da na buɗe a kwamfuta sai ga shi daga shafi na 3 an raba kowane shafi gida biyu, rubutun ƙanana kamar ƙwan kwarkwata, sai na ƙara girmansa kafin in iya karantawa, ga bayanan ƙasan shafi jere. Shafi ɗaya a ciki ya kusa kalma 900. Kwana tara na yi a kai, kuma ba ni da bakin magana don ni na faɗi kuɗin da bakina. Su ma ba za a ce sun cuce ni ba, shafi suka tambaya shafi na amsa.

Shi ya sa a ƙasashen da suka daɗe suna biyan fassara da shafi, ba takardar da ke hannu suke ƙirgawa ba, sun yanka wa shafi iyaka. A Cek da Folan shafin ma'auni harafi 1,800 ne har da gurbin da ke tsakanin kalmomi, masu fassarar kotu da aka rantsar a Folan ma nasu shafin 1,125 ne. Faransawa a fassarar littafi suna amfani da shafi mai layi 25, kowane layi harafi 60, wato 1,500. Jamusawa su da layi suka fi yi, layi ɗaya harafi 55, saboda kalmominsu a haɗe suke zuwa, kalma guda sai ta yi tsawon rabin layi, in aka biya su da kalma an kwashe su. A ɓangaren masu Turanci kuma in an ce shafi yawanci kalma 250 ake nufi. To ka ga duk inda shafi ya yi aiki, an riga an mayar da shi ƙidayar kalma ko ta harafi ne. Kai ma haka za ka yi, in sun dage sai shafi, ka ce to, amma shafina kalma 250 ne.

Yanzu ƙirgar. PDF iri biyu ne, ka gwada jan linzami a kan rubutun, in yana zaɓuwa to rubutu ne na gaske, ka buɗe shi da Word ya juya maka shi ka duba Word Count, kuma ka tabbata akwatin nan na "Include textboxes, footnotes and endnotes" yana da alama, in ba haka ba duk rubutun cikin akwatuna da na ƙasan shafi ba zai shiga lissafi ba, littattafan horarwa kuwa cike suke da akwatuna. In rubutun ba ya zaɓuwa to sikanin aka yi, hoto ne, sai dai ka bi da manhajar da ke karanta rubutu daga hoto ko ka ƙirga shafi uku ko huɗu da hannu, mai yawa da mai kaɗan da matsakaici, ka ƙiyasta sauran. Kuma ko a wanne hali rubutun da ke cikin hotuna da zane-zane kwamfuta ba ta ganinsa, wannan da ido za ka bi. Abu mafi sauƙi ma, ka tambaye su ko suna da asalin fayil ɗin na Word, sau da yawa yana nan, mantawa suke yi su turo ko kuma ba su san yana da amfani ba.

Mu ƙaddara ka ƙirga ka samu kalma 11,400, ka bi hotuna 14 da ke ciki ka tsinto wasu 600, jimla 12,000. Akwai kuma tebura guda 9 da za ka sake ginawa. Sai ka tambayi kanka kalma nawa kake yi a awa, kuma kar ka yi wa kanka ƙarya a nan, ka ɗauki sakin layi biyu daga tsakiyar littafin inda ya fi tauri ka fassara da agogo a gabanka. A harkar ana ɗaukar kalma 2,000 zuwa 2,500 a matsayin aikin yini na wanda ya ƙware, amma rubutun lafiya zuwa Hausa inda kowane layi sai ka tsaya ka yi tunanin yadda za ka kira wata cuta ko wani ƙarfen asibiti ta yadda ma'aikaciyar da za ta karanta za ta gane, mu ce 300 a awa. Awa 40 kenan na zubin farko. Bita kuma, karantawa kana gwadawa da asalin layi-layi, mu ce 1,200 a awa, awa 10. Tattara kalmomin fannin ka tsayar da fassara guda ga kowace don kar ka kira abu ɗaya da suna uku, awa 4. Saƙonni da kiran waya da gyaran da za su dawo da shi, awa 6, kuma na yi maka sauƙi ne ma. Ka ga 60. Tebura da saka rubutu a hotuna da daidaita shafuka su yi kama da na asali, wannan awa 8 daban.

Sai kuɗin awa. Ba zan ce maka ga abin da za ka sa ba don wannan ya danganta da kai da kasuwarka, amma hanyar samo shi ita ce ka ɗauki abin da kake buƙatar samu a wata, har da kuɗin data da wuta da gyaran kwamfuta, ka raba da awannin da ake biyanka su da gaske, ba awannin da kake zaune ba, don neman aiki da bin bashi da rubuta takardar neman biya duk suna cin lokaci kuma ba mai biyanka su. Don lissafi ya yi sauƙi mu ce awarka 1,000 ce, ko da wane irin kuɗi kake aiki, lamba ce kawai. Awa 60 sun zama 60,000, ka raba da kalma 12,000, kalma ɗaya ta tashi a 5. Shafin kalma 250 ya tashi a 1,250, kuma littafin nan a wannan ma'aunin shafi 48 ne ba 38 ba. Ƙara 8,000 na tsara shafuka, aikin gaba ɗaya 68,000.

To duba abin da zai faru da ka amsa musu yadda suka tambaya. Ka ce shafi 1,250, su ninka da 38, su ba ka 47,500, tebura da hotuna kuma su ɗauka ai suna cikin shafin. Ka bar 20,500 a ƙasa, wato sama da awa 20 ka yi su kyauta, fiye da kwana uku na aiki. Kuma farashinka na shafi bai yi araha ba fa, daidai yake, mudun ne ba ɗaya ba.

A wannan aikin da ni ne jimla zan faɗa musu, 68,000, amma in nuna yadda aka yi aka kai can, kalma kaza a kan kaza, tsara shafi kaza. Abokinka yana da gaskiya rabi, jimla ta fi daɗin ji ga kwastoma don lamba ɗaya yake so ya kai wa mai sa hannu a ofis, amma jimlar da aka yanka da ka ba tare da ƙirga ba ita ce mafi haɗari a cikin ukun, domin ba ta da katanga. Gobe a ce maka an ƙara ɗan babi ɗaya, jibi a ce shugaba ya canza gabatarwa, duk a ce ai cikin aikin ne. In kalma na rubuce a ƙarƙashin jimlar, duk abin da aka ƙaro sai ka ce madalla, kalma 800 ne, a kan 5, ga kuɗinsa, ba rigima ba ɓacin rai.

Akwai kuma wata tambaya da ba ka yi ba amma za ta zo, kalmar wane ɓangare ake ƙirgawa, ta Turancin da aka ba ka ko ta Hausar da ka fitar? Wasu za su ce maka ka yi da ta Hausa don ta fi yawa, kuma gaskiya ne yawanci takan fi, musamman a rubutun fanni. Likitoci na da kalma guda a Turanci da ke nufin wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni, kai kuma ga shi sai da ka yi kalma shida kafin ka faɗe ta. Duk da haka ni na fi son ƙirga ta asali, dalilina biyu. Na ɗaya, ita ce ake iya sani tun kafin a fara, kowa ya san abin da zai biya da abin da zai karɓa. Na biyu, ƙidayar Hausa tana hannun mai rubutu, in na rubuta "yana" kalma ɗaya ce, wani ya rubuta "ya na" ta zama biyu, haka "zai" da "za ya", haka masu haɗe "a kan" da "akan" ba tare da duba ma'ana ba, a littafi guda wannan kaɗai zai iya motsa lissafi da ɗaruruwan kalmomi. Kwastoma mai wayo ya san haka, sai ya fara zargin kana jan zance don kuɗi ya ƙaru, ko da ba ka yi ba. Tsawon da Hausa ke ƙarawa ka zuba shi cikin farashin kalmar asali, ai lokacin da ka auna saurinka da agogo ya riga ya shiga. Inda kawai nake yarda da ƙirga abin da na fitar shi ne in asalin ba ya ƙirguwa, kamar rubutun hannu ko sikanin da ya dushe, nan ma sai mun yi magana tun farko.

Shafi na gaskiya, wato takarda guda kuɗi kaza, yana da wurinsa, takardun shaida ne. Takardar haihuwa, ta aure, sakamakon makaranta. Kalmomin sau da yawa ba su da yawa, in ka yi da kalma kuɗin ko na ruwan sha bai kai ba, alhali za ka ɓata awa guda kana gina layuka da akwatuna, kana duba kowane harafi na suna da kowace lamba, kana bayanin hatimi da sa hannu, kuma in harafi ɗaya ya kuskure a sunan mutum takardar ta tashi a banza. Irin wannan kuɗin takarda ake yi. Kuma daga nan ka ɗauki wata al'ada, ka sa wa kanka mafi ƙarancin kuɗin da kake karɓa ko aikin layi biyu ne, ni nawa kuɗin awa ɗaya ne, don buɗe imel da amsawa da turawa da jiran biya duk ɗaya ne ko kalma 30 ce ko 3,000.

In ka fara aiki da kamfanonin fassara kuma za ka haɗu da wani salon, za su ce kalma 12,000 ne amma za a biya ka na 9,000 ko ƙasa. Ba lallai cuta ba ce. Suna bi da fayil ta manhajoji irin su Trados ko memoQ, waɗanda ke gano jimlolin da suka maimaitu da waɗanda suka yi kama da abin da aka taɓa fassarawa, sai a biya sabuwar jimla cikakken kuɗi, mai kama a biya wani kaso, maimaici a biya ɗan kaɗan. Abin da za ka nema shi ne su turo maka jadawalin kason da kuma rahoton ƙidayar kafin ka amsa, kuma ka leƙa tsohuwar fassarar da suke cewa ta yi kama ɗin, in aikin wani ne mara kyau to gyaranta ya fi sabuwa wuya, ka gaya musu tun da wuri. Amma wanda ya turo maka PDF kai tsaye ba ka da dalilin yi masa wannan rangwamen sai in kai ka ga dama.

Sai rubutun maƙala. Nan labarin ya sha bamban, don babu wani rubutun asali da za ka ƙirga, kalmomin daga kanka za su fito, kuma yawansu ba ya nuna wahalar da aka sha. Maƙala mai kalma 800 a kan abin da ka sani kamar tafin hannunka awa biyu ta ishe ka. Wata mai kalma 800 ɗin dai, amma sai ka karanta rahoto uku ka kira mutum biyu ka yi hira da su ka saurari abin da ka naɗa ka tace, kwana biyu ba su isa ba. In kalma ce ma'auninka duka biyun kuɗinsu ɗaya. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne biyan kalma yana hukunta gwaninta, ka zauna ka matse sakin layi uku suka koma ɗaya mai kyau, ka rage wa kanka kuɗi da hannunka, wanda ya cika shafi da "kamar yadda kowa ya sani" shi ya fi ka samu. Taken talla fa, kalma biyar, wanda za ka rubuta talatin ka zubar kafin ka samu guda? Wannan ko a fassara ne ba na yin sa da kalma.

Don haka rubutu jimla nake yi, ta hanyar awannin nan dai, bincike awa kaza, rubutu kaza, gyara kaza. Amma jimlar sai da katangarta a rubuce, tsawo tsakanin kalma 800 zuwa 1,000, wa zai kawo bayanai, hira nawa ce a ciki, sannan uwa uba gyara sau nawa. Ni sau biyu nake bayarwa, na ukun da kuɗin awa. Kuma ina bambanta gyara da canza ra'ayi, in ka ce wannan sakin layin bai fito ba gyara ne, in ka ce yanzu mun fasa magana kan iyaye mata muna son ta matasa, wannan sabuwar maƙala ce da sabon kuɗi. In jarida ko mujalla ce mai tsayayyen kuɗin kalma ba za ka canza musu tsari ba, sai dai ka yi lissafinka a gefe, kuɗin da za su ba ka ka raba da awannin da kake hasashe, in abin da ya fito ya yi ƙasa da awarka sosai ka san da saninka ka karɓa, wataƙila don sunanka ya fita, wannan kuma shawararka ce.

Yadda za ka gane ko farashinka na tafiya daidai kuwa, ka riƙa rubuta awannin da kowane aiki ya ci, ko a bayan littafi ne, in ka gama ka raba kuɗin da awannin. Bayan aiki biyar ko shida za ka ga abin mamaki, wani kwastoman da kake ganin shi ne mai biya da tsoka ashe shi ya fi cinye maka lokaci da kira da gyare-gyare, wani mai ƙaramin farashi kuma fayil ɗinsa tsaf yake zuwa ka gama ka tura shiru sai alat.

Su waɗannan masu shafi 38 ɗin, ga irin abin da zan rubuta musu da ni ne. Na duba littafin, kalma 12,000 ne har da rubutun cikin hotuna, daidai da shafi 48 a ma'aunin kalma 250, kowane shafi 1,250. Tsara tebura 9 da hotuna 14 kuɗinsa 8,000, in kuna da asalin fayil na Word wannan zai ragu. Jimla 68,000, ya haɗa da bita da gyara zagaye ɗaya cikin mako biyu bayan na miƙa, duk abin da aka ƙara ko aka canza a Turancin bayan na fara za a lissafa shi a kan 5 kowace kalma. Zan miƙa cikin kwana 12 na aiki daga ranar da rabin kuɗin ya shigo. Kwana 12 ɗin ba da ka na faɗa ba, awa 68 ne a kan awa shida a yini, don ba wanda ke fassara awa takwas cur kansa na aiki daidai. In sun ce ya yi yawa kar ka taɓa kuɗin kalmar, ka tambaye su me za a cire, ko su karɓi rubutun zalla su ba mai tsara musu shafi ya yi teburan, ka ga 8,000 ta fita nan take, ko kuma a bar rataye na ƙarshen littafin in ba sa buƙatarsa da Hausa, ka sake ƙirgawa ka turo musu sabuwar jimla.